Matsayin sana'a da taken talla: da wanne ake farawa?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Na gama koyon gyaran waya, ina shirin buɗe nawa wurin, kuma wannan ce sana'ata ta farko. Na zaɓi taken da zan sa a allo: "Inganci shi ne burinmu." Sai wani da ya fi ni sanin kasuwa ya ce take kawai na samu, ban tsayar wa sunana matsayi ba. Ni kam a ganina duk abu ɗaya ne. Ina bambancin yake, kuma wanne ne gaba?

Amsa: Ƙanena, wanda ya faɗa maka haka ya yi maka gata, domin ya tare ka tun kafin ka biya mai rubutun allo. Ga gwajin da nake sa duk wanda ya zo mini da irin wannan magana ya yi. Rubuta takenka a takarda, ka goge sunanka daga samansa, ka sa sunan wani mai gyaran waya da ka sani. Ya zauna daidai? Ya zauna. To cire nasa ka sa na tela, ko na bakanike, ko na mai sayar da taya. Nan ma ya zauna. Maganar da ta dace da kowa ba ta faɗa wa mai wucewa komai a kanka ba. Babu mai sana'ar da zai rubuta cewa rashin inganci ne burinsa, saboda haka wanda ya karanta naka bai ƙaru da dalili ko ɗaya na shigowa wurinka ya bar na kusa da kai ba.

Matsayi shi ne wurin da sunanka ya zauna a cikin kan mutum idan aka jera ka da sauran masu irin sana'arka. Wayar wata mata ta faɗi, gilashin ya tsage, ta tambayi ƙawarta wa za ta kai wa. Abin da ƙawar za ta ce a kanka cikin numfashi ɗaya, shi ne matsayinka. Tana iya cewa "kai wa wane, a gabanki yake gyarawa", ko "kai wa wane, ya fi kowa sauƙi", ko kuma ta rasa abin faɗa sai "akwai wani a can". Wannan na ƙarshe shi ne halin mafi yawan sababbin sana'o'i. Lura da cewa a bakin wani ake jin matsayi, ba a allonka ba. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓi wanda kake so a faɗa, sannan ka tsara aikinka gaba ɗaya yadda dole sai an faɗe shi.

Take kuwa 'yan kalmomi ne da kake furtawa da kanka, a allo, a rasit, a talla, domin su tuna wa mutane wancan matsayin. Shi ana rubuta shi ne don jama'a, dole ya zama gajere mai daɗin faɗa. Matsayi ana rubuta shi don kai da yaranka na aiki, yana iya kai layi uku, yana iya zama mara daɗin ji, kuma mai yiwuwa har abada babu kwastoman da zai gan shi. Take kana iya canza shi da yamma ɗaya, asararka kuɗin fenti. Matsayi idan ka canza shi, kayan da kake ajiyewa, farashinka, lokacin buɗewarka, har irin aikin da kake karɓa duk sai sun canza. A nan ne babban bambancin yake: take magana ce, matsayi shawara ce mai cin kuɗi, wadda take tilasta maka barin wani ciniki ya wuce ka da gangan.

Wasu masana talla biyu 'yan Amurka, Al Ries da Jack Trout, su suka yaɗa wannan tunani, da jerin maƙaloli a mujallar Advertising Age a 1972, sannan da littafi a 1981. Hujjarsu ita ce kan ɗan Adam ya cika da tallace-tallace, don haka a kowane irin kaya sunaye kaɗan yake riƙewa, a jere kamar matakan tsani. Wanda ya riga ya hau matakin sama, da wuya ka ture shi da faɗin abin da shi ma yake faɗa. Ko dai ka amince da matakin da kake kai ka mayar da shi abin amfani, ko ka kafa wani tsanin daban inda kai ne na farko. Sabon mai gyaran waya da ya ce shi ne mafi inganci yana neman matakin da wani mai shekara goma a sana'ar ya riga ya zauna, kuma mutane sun fi yarda da wancan.

Labarin kamfanin hayar motoci na Avis ya nuna wannan a fili. A farkon shekarun 1960, Hertz ne kan gaba a hayar mota a Amurka, Avis yana biye da shi da tazara mai yawa, kuma ya yi shekaru yana tafka asara. A 1962 suka ɗauki kamfanin talla na Doyle Dane Bernbach, aka fito da tallan da ya faɗi gaskiya ƙarara: mu ne na biyu, shi ya sa muka fi ƙoƙari. Wannan "mun fi ƙoƙari" shi ne taken, kuma shi duniya ta haddace. To amma ba shi ne matsayin ba. Matsayin shi ne: ga mai hayar motar da ya gaji da a ɗauke shi ba a bakin komai ba, mu ne ƙaramin da ba shi da halin wulaƙanta kwastoma, domin idan ka tafi za mu ji a jikinmu. Tallan nasu ya riƙa kawo ƙananan abubuwan da mutum zai iya dubawa da idonsa: mota a wanke, tanki cike da mai, abin goge gilashi yana aiki, layin jira gajere. Ba a daɗe ba kamfanin ya fita daga asara ya fara cin riba, kuma sun riƙe taken har 2012. Ka cire "mu ne na biyu" ka bar "mun fi ƙoƙari" shi kaɗai, sai ya koma irin naka, maganar da kowa zai iya yi. Kwatanta kansu da Hertz shi ya ba ta ƙarfi, cika alkawarin a wurin karɓar mota kuma shi ya hana ta zama ƙarya.

Volvo ya koyar da ɗaya ɓangaren. Tambayi duk wanda ya san motoci abin da aka san Volvo da shi, zai ce maka kare ran wanda ke ciki. Tambaye shi taken Volvo, mafi yawa za su yi shiru, ga shi kuwa kamfanin ya sha canza take. Abin da ya dasa matsayin aiki ne. A 1959 injiniyansu Nils Bohlin ya ƙirƙiro bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da cinya wanda yanzu yake a kowace mota, kuma kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta. Daga 2020 suka ƙayyade gudun sababbin motocinsu a kilomita 180 cikin awa, alhali sun san akwai masu son gudu da za su juya musu baya saboda haka. Wannan shi nake nufi da shawara mai cin kuɗi. Matsayi yana tsayawa da ƙafarsa ko babu take. Take ba ya tsayawa idan babu matsayi a bayansa.

Akwai tarko guda da sababbin 'yan kasuwa ke yawan faɗawa, wato kwaikwayon manyan kamfanoni. Taken Nike na 1988, mai ma'anar "kawai ka yi", bai ambaci takalmi ba, bai ambaci wasa ba, bai yi alkawarin komai ba. Ya yi aiki ne domin an riga an san abin da Nike yake sayarwa, kuma an kashe maƙudan kuɗi shekara da shekaru ana haɗa kalmomin da fuskokin shahararrun 'yan wasa. Kai ba ka da wannan kuɗin, kuma ba a san ka ba tukuna. Wanda ya fi dacewa ka kalla shi ne Federal Express a shekarunsa na farko. Ya fara aiki a 1973, ya yi suna da kai saƙo daga gari zuwa gari a kwana guda, yana tara kayan duka a birnin Memphis na Amurka cikin dare, a rarraba, jirage su watse da su kafin gari ya waye. Taken da ya yi suna da shi ya faɗi wannan ne kai tsaye: idan dole ne, ko ta halin ƙaƙa, saƙon ya isa gobe da safe. Ƙaramar sana'a irin wannan taken take bukata, wanda zai faɗi alkawarin da bakinsa, domin allonka ne kusan dukan tallan da kake da shi.

Yanzu mu zo kan shagonka, mu bi shi daki-daki.

Kada ka fara da zama kana tunanin kalmomi. Fara da yawo. Rubuta sunan duk wanda mai lalatacciyar waya zai iya zuwa wurinsa maimakon kai, ka kuma rubuta abin da aka san kowanne da shi. Kada ka tsaya a masu gyara kaɗai. Ofishin kamfanin da ya ƙera wayar abokin gogayyarka ne, mai sayar da sabuwar waya mai araha ma haka, har ma da haƙuri, domin mutane da yawa suna ci gaba da amfani da tsagaggen gilashi wata da watanni don gudun abin da za su tarar a wurin gyara. Za ka ga wasu matakan an riga an zauna a kansu: akwai wanda aka sani da araha, akwai tsohon hannu da ake kai wa wayar da ta gagari kowa, akwai ofishin kamfani mai kayan asali amma mai tsada da jinkiri. Waɗannan ba naka ba ne. Araha musamman ina ja maka kunne a kanta, domin ita ce matsayin da ya fi sauƙin ƙwacewa. Duk wanda ya fi ka jari yana sayen kaya da yawa a farashin da ba za ka samu ba, ranar da ya ga dama zai sauko ƙasa da kai.

Sai ka nemi mutum goma sha biyar zuwa ashirin da suka kai waya gyara a 'yan watannin nan. Kada ka tambaye su me suke so, domin kowa zai ce aiki mai kyau da sauƙin kuɗi, ka tashi a tutar babu. Ce musu su ba ka labarin karo na ƙarshe: wa suka kai wa, me ya sa shi, kwana nawa ta yi, me ya ɓata musu rai. Rubuta kalmominsu yadda suka faɗa. A ce cikin mutum goma sha biyar, tara sun maimaita abu biyu. Na farko, an ce su dawo gobe, goben ta zama kwana huɗu, su kuwa da wayar suke neman abinci. Na biyu, ransu bai kwanta ba da barin waya a hannun baƙo, ga hotunan iyali, ga saƙonni, ga manhajar banki, ga tsoron a cire batirin asali a sa musu na bogi. Idan abin da ka ji ke nan, to ka samu gurbi. Idan wani abu daban ka ji, bi abin da ka ji, kada ka bi misalina.

Daga nan sai ka rubuta matsayin, kuma tambaya huɗu zai amsa: don wa, wace matsala, maimakon wa, da wace hujja. Naka zai iya zama haka: "Ga mutumin da wayarsa ce kayan aikinsa, wanda ba zai iya kwana babu ita ba kuma ba ya son ta ɓace wa ganinsa, mu ne wurin da ake gyarawa a gabansa ya tafi da abarsa, saɓanin wuraren da ake ajiyewa a dawo; hujjarmu ita ce teburin aikinmu a fili yake, kayan gyara suna nan a ajiye, kuma muna miƙa masa tsohon abin da muka cire." Ka ga ba ta da daɗin faɗa, ba kuma za ta shiga allo ba. Ba aikinta ke nan ba. Aikinta shi ne ta yanke maka hukunci a kan abubuwan da za su biyo baya, kuma suna da yawa.

Teburin aikinka ba zai kasance a lungu bayan labule ba. Zai fuskanci kujerar kwastoma, da fitila mai haske, yadda zai ga hannunka daga kwance noti na farko har rufewa. Ba za ka karɓi lambar sirrin wayar kowa ba. In an gama gyara, mai ita ne zai buɗe da hannunsa, ku gwada kira, kyamara, caji da taɓa gilashi tare. Tsohon batiri ko gilashin da ka cire, ka sa a 'yar leda ka ba shi ko bai tambaya ba.

Kayan gyara su ne inda jarin zai tafi. Ba za ka iya cewa a jira a karɓa ba idan sai ka je nemo gilashi. Kuma ba za ka iya ajiye kayan kowace waya a duniya ba. Saboda haka sai ka zaɓi, misali, samfuri takwas da suka fi yawa a hannun mutanen da kake nema, da gyara uku da suka fi faruwa: gilashi, batiri, da bakin caji. Idan ka ajiye bibbiyu na kowanne, takwas sau uku sau biyu, guda 48 ke nan a kan shiryayye kafin ka ga kwastoma na farko. Wannan kuɗi ne da ya kwanta, kuma shi ne farashin matsayin. Wanda bai yi wannan alkawarin ba ba ya bukatar ajiye su.

Abin da ya fi wuya shi ne aikin da za ka ƙi. Wayar da ta faɗa ruwa, ko wadda injinta ya ƙone, ba a gama ta a zama ɗaya. Tana son awoyi na bincike, wani lokaci kwanaki. A watanninka na farko, ranar da ciniki ya yi ƙasa, wani zai shigo da irin wannan, kuma ranka zai so ka karɓa. Idan ka karɓa ka ajiye, ka zama ɗaya daga cikin masu "dawo gobe", kuma awa ukun da ka kashe a kanta su ne za su sa mai tsagaggen gilashi ya tarar da kai a shagale. Mafita biyu ce. Ko ka tura shi wurin tsohon hannun nan da aka sani da wannan aiki, ku yi yarjejeniya shi ma ya riƙa turo maka masu gaggawa, ko ka karɓa amma ka faɗa masa ƙarara cewa wannan ba ya cikin aikin da kake yi a gaban mutum, ka rubuta masa ranar karɓa a rasit, ka yi shi bayan ka rufe. Ni na fi son ta farko ga mai farawa, domin suna ɗaya ake ginawa a lokaci ɗaya.

Lissafin lokaci kuma shi zai gyara maka farashi, shi zai kuma gyara maka take. A ce canza gilashi yana cin minti 40 a hannunka, karɓa da gwaji da biya su ci minti 10. Minti 50 ke nan ga kowane mutum. A yini mai awa tara, waya goma ce iyakarka, in ma ba ka huta ba kuma mutane sun zo a jere. Mai tara wayoyi a akwati yana iya karɓar ashirin ya bi su a hankali har dare. Tunda adadinka yana da iyaka, ribar kowace waya dole ta ɗauki haya da jarin da ya kwanta, wato ba za ka zama mafi araha ba, kuma bai kamata ka ji kunyar hakan ba. Direban da wayarsa ce ke kawo masa fasinja ya san abin da kwana huɗu babu ita zai ci masa, zai biya bambancin. Wanda yake da waya ta biyu a gida kuma ba ya sauri ba zai biya ba, shi kuma ba naka ba ne.

Sai a nan take ya shigo, kuma za ka ga ya kusa rubuta kansa. Zuciya za ta raya maka ka rubuta "Gyara cikin awa ɗaya", domin lamba tana jan ido. Koma kan lissafin. Idan mutum uku suka shigo tare, na ukun zai jira minti 100 kafin ka taɓa wayarsa. Ranar ka yi ƙarya a rubuce, a saman ƙofarka, kuma shi zai ba da labarin. Alkawarin lokaci yana da wata illar ma: yana sa hannu rawa, a tsinke siririyar wayar da ke haɗa gilashi da inji, ko a huda batiri, wanda hatsari ne na gaske. Abin da kake iya cikawa kullum, ko layi ya yi tsawo, shi ne a gaban mutum ake aikin. Don haka irin "A gabanka za mu gyara" ko "Wayarka ba ta kwana a wurinmu" sun fi aminci, na farkon ma ya fi, tunda na biyun zai karye ranar da ka karɓi wadda ta faɗa ruwa. Mayar da shi kan gwajin farko: sa sunan mai tara waya a akwati a samansa. Bai zauna ba, domin shi ba zai iya faɗa ba tare da ya rushe yadda yake aiki ba. In za ta yiwu ka ɗauko kalmomin daga bakin waɗanda ka tambaya, domin abin da suka faɗa da kansu shi suka fi saurin ganewa. Kuma kada take ya cinye wurin abin da ya fi shi muhimmanci a allo: sunanka, da "gyaran waya" a rubuce ɓaro-ɓaro, da ayyukan ukun da kake yi.

Ta yaya za ka san ya kama? Duk sabon kwastoma ka tambaye shi wa ya turo shi, da abin da aka ce masa a kanka, ka rubuta a bayan littafin cinikinka. Bayan wata uku ka karanta. Idan "an ce a gaban mutum kake yi" ya fara maimaituwa, matsayin ya shiga. Idan amsoshin sun watse, wannan ya ce don kusa ne, wancan ya ce wucewa yake ya gani, to har yanzu ba a san ka da komai ba, kuma gyaran ba a allo yake ba, a aikin yake: duba ko kana cika abin da ka ce, ko kuwa ka fara karɓar komai da komai. Wata alamar ita ce ciniki a kan farashi. Idan kusan kowa da ya shigo maganarsa ta farko ita ce wane ya fi ka sauƙi, ko dai mutanen da ba naka ba kake jawowa, ko kuma naka ba su ga bambancin da za su biya dominsa ba. Akwai kuma yanayin da mutane za su ba ka matsayin da ba ka zaɓa ba, ka ji ana ta cewa kai ne mai kayan asali. Idan haka ta faru, kada ka yi musu da kasuwa. Duba ko za ka iya riƙe shi, in za ka iya, ka matsa can.

Wannan hanya tana da iyakarta. Gurbin da ka zaɓa yana iya yin ƙanƙanta har ya kasa ciyar da shago, shi ya sa kafin ka kashe jari sai ka ƙiyasta ko akwai isassun irin waɗannan mutane da za su kawo maka waya biyar ko shida a yini. Kuma wani zai iya kwaikwayonka, ya juyo da teburinsa waje. Taken kam cikin mako guda za a iya sace shi. Kayan da ke kan shiryayye, saurin hannu, da sunan da ya riga ya shiga bakin mutane su ne ke ɗaukar lokaci, shi ya sa wanda ya fara kuma ya dage yakan riƙe matakin. Idan ka gaji da takenka bayan shekara, kana iya sabunta shi, ko da yake ka sani kai ne kake ganinsa kullum, kwastoma sau ɗaya ko biyu a shekara yake zuwa, mai yiwuwa yanzu ya fara haddace shi. Matsayi kuwa ba a taɓa shi don gajiya. Ana sake shi ne idan littafin ciniki ya nuna mutanen da aka gina shi dominsu ba su isa ba, ko matsalar da yake magancewa ta gushe.

Don haka ka dakatar da mai rubutun allo na mako biyu. Makon farko ka yi yawon da tambayoyin, na biyu ka rubuta matsayin, ka lissafa kayan da zai sa ka ajiye da aikin da zai sa ka ƙi, ka ga ko jarinka zai ɗauka. Idan ranar buɗewa ta zo ba ka samu taken da ya gamsar da kai ba, buɗe da sunanka da abin da kake yi kawai, ka bar wurin taken babu rubutu. Bayan wata uku za ka same shi a bayan littafin cinikinka, a cikin abin da kwastomomi suka ce an faɗa musu. Allah ya sa albarka a sana'ar.